Yadda Ake Gane Saƙon da Ba Ya Ɗauke da Komai Sai Alƙaluma

Saƙo yakan shigo waya babu gaisuwa, babu bayani, sai jerin alƙaluma kawai, kuma wanda ya karɓe shi dole ne ya yanke hukunci: ya kira lambar ne, ya shigar da ita a wata manhaja, ya biya kuɗi gwargwadonta, ko ya ajiye ta a matsayin shaidar biya. Wanda ya aiko ya san abin da yake nufi, domin yana tsakiyar lamarin, shi ya sa bai ga buƙatar ƙarin bayani ba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, alƙaluman su kaɗai ba sa tabbatar da komai. Iyakar abin da suke yi shi ne rage yawan abubuwan da ake zato. Don haka aikin yana da tsari, kuma tsarin yana farawa ne da kawar da zaton da kuskurensa ya fi tsada.

Mataki na farko: a fara cire lambar tabbatarwa daga lissafi

Kafin a ƙidaya komai, sai a dubi wanda ya aiko saƙon da kuma abin da ya faru a cikin mintuna biyar da suka wuce. Idan mutum ya nemi shiga wani asusu, ko ya fara tura kuɗi, ko ya sake saka wata manhaja a wayarsa, sannan alƙaluma huɗu zuwa takwas suka shigo nan take, to kusan babu shakka lambar tabbatarwa ce, wadda bankuna da manhajoji ke rubutawa OTP. Mafi yawansu alƙaluma shida ne, kamar wadda WhatsApp ke aikowa lokacin rajistar lamba. Wannan tsawon ba haka kawai aka zaɓe shi ba: alƙaluma shida suna ba da haɗi miliyan ɗaya, wanda ya isa ya hana mai cinke dacewa a gwaji biyu ko uku, kuma bai yi wa mutum yawan da zai kasa riƙewa na ɗan lokaci ba. Rayuwar lambar gajera ce. Wadda ake aikowa ta saƙo takan mutu bayan 'yan mintuna, wadda kuma manhajar tsaro ke samarwa a kan ƙa'idar RFC 6238 ta shekarar 2011 takan canza duk bayan daƙiƙa 30.

Inda hatsarin yake shi ne lokacin da lambar ta shigo alhali mutum bai nemi komai ba. Wani lokaci wani ne ya yi kuskure wajen rubuta lambar wayarsa, ya rubuta taka. Amma sau da yawa wani ne yake ƙoƙarin shiga asusunka, kuma jim kaɗan za ka ji kira ko ka ga saƙo mai ladabi yana cewa an turo maka wata lamba bisa kuskure, don Allah ka karanto masa. Wannan roƙon shi kansa ya warware tambayar. Babu wanda yake buƙatar ka karanto masa lambar waya ko adadin kuɗin da ya riga ya sani. Abin da ba zai iya samu ba sai ta hannunka shi ne lambar da aka tura wayarka don a tabbatar cewa kai ne. Ko da roƙon ya fito daga asusun ɗan'uwa ko aboki, ba a bayarwa, saboda mai yiwuwa ta wannan hanyar ce nasa asusun ya suɓuce masa kafin a zo kanka.

Na sa wannan matakin a gaba ne domin sauran kurakuran suna gyaruwa. Wanda ya ɗauki lambar rasit a matsayin lambar waya zai kira, a ce masa babu irin wannan lambar, ya yi asarar minti ɗaya. Wanda ya ɗauki lambar tabbatarwa a matsayin abu maras muhimmanci ya miƙa ta, yana iya rasa asusunsa kafin ya ajiye wayar.

Mataki na biyu: a kwafa daidai, sannan a ƙidaya

Idan ta bayyana cewa ba lambar tabbatarwa ba ce, sai a kwafi saƙon yadda yake, a raba shi uku-uku ko huɗu-huɗu a takarda, a ƙidaya sau biyu. Ido yana yaudarar mutum a kan jeri mai tsawo, musamman inda alƙalami ɗaya ya maimaitu, kuma bambancin goma sha ɗaya da goma sha biyu yana iya canza hukuncin gaba ɗaya. Kada a zuba lambar a cikin Excel don ƙidayawa ko ajiya ba tare da an mayar da gurbin na rubutu ba tukuna, domin yana goge sifilin farko, kuma duk lambar da ta wuce alƙaluma 15 yana mayar da ragowarta sifili. Na sha ganin lambobin rasit da suka lalace ta wannan hanyar ba tare da mai ajiyar ya lura ba, sai ranar da aka zo neman su.

Tsawo yana da iyakoki da za a iya dogara da su. Ƙa'idar E.164 ta Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ƙayyade cewa lambar waya, haɗe da lambar ƙasa, ba ta wuce alƙaluma 15. Saboda haka duk jerin da ya kai 16 ko fiye ba lambar waya ba ce, sai dai idan an soma shi da 00 na kiran ƙetare, wanda ba ya cikin lissafin. Alƙaluma 16 sukan nuna lambar katin banki, musamman idan ta fara da 4, wato Visa, ko da 51 zuwa 55, wato Mastercard. Alƙaluma 20 su ne tsawon lambar da ake shigarwa a mitar wutar lantarki ta biya-kafin-amfani a ƙasashe da yawa. Abin da ya wuce haka kuwa galibi lambar bin sawun tura kuɗi ce tsakanin bankuna. A ɗaya gefen, jerin da bai kai alƙaluma bakwai ba da wuya ya zama lambar wayar mutum, ko da yake yana iya zama gajeriyar lambar wani kamfani ko ta agajin gaggawa.

Matsalar tana tsakiya ne, daga alƙaluma takwas zuwa goma sha uku, domin a nan ne lambar waya, lambar asusu, lambar rasit da adadin kuɗi duk suke haɗuwa. A wannan yankin ƙidaya kaɗai ba ta isa ba.

Mataki na uku: a dubi farkon lambar da ƙarshenta

Lambar waya ana gane ta ne daga farko. A ƙasashe da dama ana rubuta ta a cikin gida da sifili ɗaya a gaba, a kuma cire wannan sifilin idan an sa lambar ƙasa. Lambar salula a Birtaniya tana farawa da 07 kuma alƙaluma 11 ce, amma da lambar ƙasa 44 sai ta koma 12. A Faransa tana farawa da 06 ko 07, alƙaluma goma, da 33 kuma ta zama 11. A Najeriya 11 ce a gida, da 234 ta zama 13, a Nijar kuwa alƙaluma takwas ne babu sifilin da ake cirewa, da 227 ta zama 11. Ba a buƙatar haddace dukkan ƙasashe. Abin da ake buƙata shi ne a san cewa sharuɗɗa biyu ne dole su cika tare: farkon ya zama lambar wata ƙasa, kuma abin da ya rage bayan cire ta ya yi daidai da tsawon lambobin wannan ƙasar. Lambar ƙasa ba ta wuce alƙaluma uku, ba ta kuma farawa da sifili. Tun da kusan kowane jeri yana farawa da abin da ya yi kama da lambar wata ƙasa, sharaɗi na biyu shi ne mai tacewa.

Adadin kuɗi kuwa daga ƙarshe ake gane shi. Mutane suna son cika lissafi, don haka kuɗin da mutum ya rubuta da hannunsa yakan ƙare da sifili biyu ko uku, ko da 50, ko da 500, kuma ba ya farawa da sifili. Ɗauki jeri biyu masu alƙaluma shida, 250000 da 048213. Na biyun ba kuɗi ba ne, domin babu mai rubuta kuɗi da sifili a gaba, alhali lambar tabbatarwa tana iya farawa da shi ba tare da wata matsala ba. Na farkon yana iya zama lambar tabbatarwa a bisa ƙa'ida, amma damar da lambar da na'ura ta zaɓa za ta ƙare da sifili huɗu ɗaya ce cikin dubu goma, saboda haka hankali ya fi karkata ga dubu ɗari biyu da hamsin. Sai dai ko an yarda kuɗi ne, tambayoyi biyu suna nan: kuɗin wace ƙasa, kuma ina ɗigon yake. Saƙon da aka kwafo daga wani wuri yakan rasa waƙafi da ɗigo a hanya, har 2,500.00 ya koma 250000, bambancin da ya kai ninki ɗari. Akwai kuma ƙasashen da suke amfani da ɗigo a inda wasu suke sa waƙafi, wanda hakan ya sa ba a yarda da adadi sai an maimaita shi da kalmomi.

Lambar rasit ba ta da kyan gani a ido. Ba ta ƙarewa da sifili a jere, siffarta ba ta dace da ta lambar waya ba, amma sau da yawa tana ɓoye kwanan wata a cikinta, domin na'urorin da ke samar da ita suna buƙatar hanyar da ba za ta maimaitu ba, kuma lokaci shi ne abin da ba ya maimaituwa. Idan aka ga jeri ya fara da 20240315 ko 240315, to a gwada karanta shi a matsayin shekara, wata da rana, a kwatanta da ranar da aka yi cinikin.

Misali: saƙonni uku, kowanne alƙaluma goma sha biyu

A ɗauka wata mai kula da lissafin ƙaramin kasuwanci ta karɓi saƙonni uku a jere daga wani abokin ciniki da ya ce ya biya da kati a ranar 15 ga Maris, 2024, kuma bai rubuta kalma ko ɗaya ba:

```
447700900123
000000150000
407514832961
```

Dukkansu tsawonsu ɗaya, don haka ƙidaya ta cire lambar tabbatarwa da lambar kati ne kawai, ba ta bambanta su da juna ba.

Ta fara da na farko. Ya soma da 44, lambar Birtaniya, kuma idan aka cire ta saura 7700900123, alƙaluma goma masu farawa da 7, wanda shi ne daidai siffar lambar salula a can bayan an cire sifilin gida. Sharuɗɗan biyu sun cika, saboda haka ta rubuta shi a matsayin lambar waya, wataƙila wadda abokin cinikin yake so a neme shi a kai. Na zaɓi wannan lambar ce daga rukunin da hukumar sadarwar Birtaniya, Ofcom, ta keɓe don wasannin kwaikwayo, domin kada misalin ya faɗa kan wayar wani.

Na biyu ya fara da sifili shida, abin da ya saɓa wa ƙa'idar da na bayar cewa kuɗi ba ya farawa da sifili. Waccan ƙa'idar ta rubutun mutum ce. Na'ura tana da tata. A tsarin ISO 8583, wanda na'urorin biyan kuɗi da kati suke magana da bankuna a kansa, gurbin adadin kuɗi alƙaluma 12 ne cif, ana cike gabansa da sifili, kuma ana rubuta kuɗin ne a ƙaramin ma'auninsa ba tare da ɗigo ba. A kuɗin da ake raba shi ɗari, alƙaluma biyun ƙarshe su ne 'yan canji, don haka 000000150000 yana nufin 1,500.00, ba dubu ɗari da hamsin ba. Wannan shi ne wurin da ya fi cancantar a tsaya, domin wanda ya goge sifilan gaba ya karanta ragowar yadda ya gan shi zai rubuta wa abokin ciniki ninki ɗari na abin da ya biya. Ba lambar waya ba ce kuma, tun da bayan 00 na kiran ƙetare dole lambar ƙasa ta biyo, kuma babu ƙasar da lambarta take farawa da sifili.

Na uku shi ne mai ruɗarwa. Ya fara da 40, lambar Romaniya, kuma alƙalamin da ya biyo baya 7 ne, wanda lambobin salula na can suke farawa da shi. Mai gaggawa zai ce lambar waya ce ta biyu. Amma lambar Romaniya alƙaluma tara ce bayan 40, a nan kuwa goma suka rage, don haka sharaɗi na biyu ya faɗi. Sai ta gwada karanta shi a matsayin lambar da ake bugawa a rasit da sunan RRN, wadda ita ma gurbi 12 take da shi. Wani tsari da ake yawan bi wajen haɗa ta shi ne alƙalamin ƙarshe na shekara, sai rana ta nawa a cikin shekarar, sai awa, sai lambar bin sawu mai alƙaluma shida. A kan haka jerin ya rabu kamar haka: 4, sai 075, sai 14, sai 832961. Shekarar 2024 tana da 29 ga Fabrairu, don haka Janairu da Fabrairu sun ba da kwana 60, rana ta 75 kuma ta faɗa a kan 15 ga Maris, daidai ranar da abokin cinikin ya ambata. Awar tana iya saɓawa da agogon wurin da aka yi cinikin idan na'urar tana bin lokacin duniya, kuma ba kowane banki ne yake haɗa lambar ta wannan hanyar ba, amma dacewar rana hujja ce mai ƙarfi cewa lambar rasit ce.

Mataki na huɗu: a gwada ta hanyar da ba ta cutarwa

Zato ya zama abin aiki ne bayan an gwada shi, kuma kowane nau'i yana da gwajin da ba ya jawo asara. Lambar waya ana iya rubuta ta a wajen kira tare da alamar + a gaba ba tare da an danna kira ba. Wayoyi da yawa sukan jera ta yadda ƙasar take rubutawa idan ta dace, wasu har su nuna sunan ƙasar. Ban ba da shawarar kiran lambar ƙetare da ba a sani ba don gwaji kawai, domin akwai layukan da aka kafa musamman don su ci kuɗin mai kira. Idan ana zaton lambar asusu ce, manhajojin bankuna da yawa suna nuna sunan mai asusun kafin a amince da turawa, kuma a nan ake tsayawa a karanta sunan. Wannan gwajin yana da amfani ƙwarai a inda wasu kamfanonin kuɗi suke mayar da lambar wayar mutum lambar asusunsa bayan cire sifilin farko, har jeri ɗaya ya zama abu biyu a lokaci guda.

Jeri mai alƙaluma 16 kuwa yana da gwajin lissafi, wanda Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya ƙirƙiro. Ana farawa daga dama, a bar alƙalami na farko yadda yake, a ninka na biyu, a bar na uku, a ninka na huɗu, haka har ƙarshe. Duk inda ninkin ya wuce tara sai a cire tara. A tara duka, idan jimillar ta rabu da goma babu saura, to siffar ta dace. A lambar gwaji 4111111111111111, alƙaluma takwas da ba a ninka ba sun ba da 8, ɗaya-ɗaya bakwai da aka ninka sun ba da 14, huɗun farko da aka ninka ya ba da 8, jimilla 30. Iyakar wannan gwajin a bayyane take: jeri ɗaya cikin goma da aka rubuta da ka zai wuce shi, don haka faɗuwa tana nuna cewa an yi kuskure ko kuma ba kati ba ne, amma wucewa ba ta nuna cewa katin yana nan. Idan ya tabbata lambar katin wani ce aka turo, abin da ya dace shi ne a sanar da mai shi, a goge saƙon, kada a tura shi gaba.

Lambar rasit tana buƙatar kulawa ta daban, domin a nan ne masu sayarwa suka fi yin asara. Gane cewa jeri lambar rasit ce ba ya nufin kuɗi ya shiga. Cinikin da banki ya ƙi amincewa da shi shi ma yana samun lamba, haka wanda aka mayar da kuɗinsa daga baya, kuma duk wanda ya fahimci tsarin da na bayyana a sama zai iya haɗa lamba mai kama da ta gaskiya a cikin minti ɗaya. Amfanin lambar shi ne a nemo cinikin da ita a cikin bayanan asusun mai karɓa ko a rahoton na'urar biyan kuɗi. Mai lissafin da ke cikin misalinmu za ta buɗe bayanan ranar 15 ga Maris, ta nemi 407514832961, ta duba ko adadin da ke gefensa 1,500.00 ne kuma an amince da shi. Idan lambar ta bayyana amma adadin ya bambanta, ko ta bayyana an riga an yi amfani da ita a wani cinikin na baya, to ba a sallami kaya ba tukuna.

Mataki na biyar: a tambaya, amma da tambayar da ba ta ba da amsa

Idan bayan duk wannan zato biyu suka rage, sai a koma ga wanda ya aiko, kuma yadda aka yi tambayar yana da tasiri. Tambaya irin «Wannan kuɗin da ka biya ne?» tana gayyatar «E» daga mai gaskiya da ke cikin sauri da kuma mai ha'inci baki ɗaya. Ya fi kyau a ce: «Na ga alƙaluman da ka turo, don Allah mene ne su, kuma me kake so in yi da su?» Idan ya ce kuɗi ne, a nemi ya rubuta adadin da kalmomi tare da sunan kuɗin. Idan ya ce rasit ne, a nemi ranar, sunan bankin da adadin, a kwatanta da abin da ke cikin asusu. Idan ya ce sabuwar lambar asusu ce da za a riƙa biya a ciki, to ba a tabbatar da wannan ta saƙo, sai an kira shi a kan lambar da aka riga aka san shi da ita tun kafin wannan saƙon, an ji muryarsa, sannan a karanto masa alƙaluman ɗaya bayan ɗaya kafin a ajiye su.